Tambaya Mai Karkataccen Tushe da Yadda Ake Gyara Ta: Misalin Asalin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ce, amma da sharaɗin a dace da wanda ya san hanya, ya kuma lura da inda mai tambaya ya nufa. Akwai wata irin tambaya wadda idan aka amsa ta yadda ta zo, sai a ƙara ɓatar da mai ita, domin kuwa an gina ta ne a kan wani zato wanda ba daidai ba ne. Idan kuma aka yi watsi da ita saboda kuskuren da ke cikinta, sai mai ita ya koma da jahilcinsa, ga kuma kunya a kai. Wannan maƙala za ta duba yadda ake fita daga wannan tsaka mai wuya. Za a ɗauki misali guda ɗaya a bi shi daki-daki, watau tambayar nan da malaman Hausa suka saba ji daga bakin ɗalibai da malaman makaranta da dattawa: “Daga wane irin Larabci ne Hausa ta fito?”

2.0 Inda Kuskuren Yake Ɓuya

Tambayoyi a Hausa iri biyu ne. Akwai wadda ake amsawa da i ko a'a, wadda sau da yawa takan fara da “shin” ko “ko”. Akwai kuma wadda ake ginawa da kalmomi irin su wa, me, wane, yaushe, ina, yaya, da me ya sa. Ta farko takan ajiye batun a fili domin a tabbatar da shi ko a musanta. Ta biyu kuwa takan ɗauka cewa batun ya riga ya tabbata, saura kawai a cike wani gurbi. Wanda ya ce, “Shin Audu ya tafi?” bai yanke hukunci ba tukuna. Wanda ya ce, “Yaushe Audu ya tafi?” ya riga ya tafiyar da Audu, lokaci kawai yake nema. Idan Audu yana kwance a ɗaki, babu wani lokaci da za a ambata wanda zai zama gaskiya.

Haka tambayar asalin Hausa take. Kalmar “wane” ta riga ta yanke cewa Larabci ne ya haifi Hausa, abin da ya rage a zaɓa shi ne na Misira ne, ko na Hijaz, ko na Magrib. Saboda haka aikin farko na mai amsa shi ne ya mayar da tambayar, a cikin zuciyarsa, zuwa siga ta farko: “Shin daga Larabci Hausa ta fito?” Da zarar an yi haka, tushen ya fito fili, ana iya gwada shi.

3.0 Abin da Nazari Ya Tabbatar

Ba ya yiwuwa a gyara wa wani kuskure sai mai gyaran ya riƙe hujja sosai. Hausa tana cikin rukunin harsunan Cadi, waɗanda yawansu ya kai wajen 150, ana magana da su a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. 'Yan uwanta na kusa su ne irin su Gwandara da Bolanci da Karekare da Angas da Tangale. Rukunin Cadi kuma reshe ne na babban gidan harsunan Afro-Asiya, wanda a cikinsa akwai reshen harsunan Barbar irin na Abzinawa, da tsohon harshen Misira, da reshen da Somaliyanci yake ciki, da kuma reshen da Larabci da Ibrananci suke ciki. Joseph Greenberg ne ya kafa wannan rabo a rubuce-rubucensa na 1950 da littafinsa na 1963, sa'an nan Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa shi a 1966 ta hanyar kwatanta sautuka da kalmomin harsunan Cadi.

Ashe ke nan akwai dangantaka tsakanin Hausa da Larabci, amma ba ta uwa da 'ya ba ce. Dangantaka ce ta jikokin kaka ɗaya waɗanda gidajensu suka rabu tun dubban shekaru. Alamun wannan zumunci suna nan. Bahaushe yana cewa gidanka ga namiji, gidanki ga mace, Balarabe yana cewa baituka da baituki. Harafin “t” yana nuna mace a harsunan biyu. Kalmar mutu tana kama da mata da yamutu, me tana kama da ma. Hausa tana gina sunan kayan aiki da ma-, kamar mabuɗi, Larabci yana da miftahu, inda ɗafin farko ya yi kama amma saiwar kalma ta bambanta. Waɗannan gado ne da kowannensu ya ci daga kaka, ba wanda ya ba wani.

Bayan wannan gado sai kuma aro, wanda ya zo daga baya ƙwarai ta hanyar addini da karatu da fatauci. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan Shaihu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Jihadin 1804 kuma ya ƙara yawaita kalmomin shari'a da mulki. Wannan aro shi ne abin da kunnen kowa yake ji, shi ne kuma ya haifar da zaton da tambayar take ɗauke da shi. Mai tambaya bai ƙirƙiro abin daga iska ba. Ya ji kama ta gaskiya, sai dai ya fassara ta ba daidai ba, an kuwa ce kama da wane ba ta wane ba ce.

4.0 Hanyoyi Uku da Ba Su Fisshe Mai Amsa

Hanya ta farko ita ce bin tambaya yadda ta zo. Mai amsa yakan ji nauyin mai tambaya, ko ya so ya gajarta magana, sai ya ce, “Ai mai yiwuwa na Magrib ne, saboda fatake.” A cikin wannan amsa akwai ɗan ƙamshin gaskiya, tun da wasu kalmomin aro ta hanyar Sahara suka biyo. Illarta ita ce ta sa hannu a kan zaton cewa Larabci ya haifi Hausa. Idan mai tambaya malamin makaranta ne, gobe yara arba'in za su rubuta wannan a littafinsu, da sunan wani masani ne ya faɗa.

Hanya ta biyu ita ce sara kai tsaye: “Wa ya gaya maka haka? Ai babu abin da ya haɗa Hausa da Larabci.” Wannan ta yi kuskure biyu. Ta fuskar ilmi, ta wuce gona da iri, domin an ga cewa akwai abin da ya haɗa su. Ta fuskar ladabi kuma, ta tozarta mai tambaya, har da wanda ya koya masa, wanda mai yiwuwa mahaifinsa ne ko malaminsa na allo. Bahaushe yakan iya haƙuri a ce ya yi kuskure, amma da wuya ya yarda a ce malaminsa jahili ne. Daga nan sai ya daina sauraren hujja, ya koma kare mutunci.

Hanya ta uku ita ce zuba karatu. Mai amsa ya tashi daga Greenberg ya bi rassa ɗaya bayan ɗaya har rabin sa'a. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma bai san abin da ya kawo mutumin ba, saboda haka yana iya ƙarewa bai taɓa bukatarsa ba ko kaɗan.

5.0 Misali Daki-daki

A ɗauka cewa wani malamin firamare, dattijo, ya sami wani malamin Hausa na jami'a bayan an tashi daga taron ƙara wa juna sani. Bayan gaisuwa sai ya ce, “Allah gafarta Malam, ina da 'yar tambaya. Daga wane irin Larabci ne Hausarmu ta fito, na Misira ko na Makka?”

Mataki na farko shi ne a karɓi abin da yake daidai a cikin maganar, a faɗe shi da gaske, ba don lallashi ba. Sai malamin jami'a ya ce, “Lalle Malam, Larabci ya cika Hausa, tun daga sunayen ranaku har zuwa maganar shari'a. Duk mai kunne ya ji wannan.” Bai amince da cewa Hausa ta fito daga Larabci ba, bai kuma musa ba tukuna. Ya dai nuna wa dattijon cewa abin da ya lura da shi abin lura ne.

Mataki na biyu shi ne neman abin da ya jawo tambayar. A nan siga tana da muhimmanci. “Me ya sa ka yi wannan tambaya?” tana da kaifi a kunnen Bahaushe, tana kama da tuhuma. Gara a ce, “Ko wani darasi ake shiryawa ne, Malam?” ko kuwa, “Wace kalma ce ta ja hankalinka?” Irin wannan tana ba mutum damar ya ba da labari. Sai dattijon ya ce, “Wallahi wani yaro ne a aji biyar. Ina koya musu ƙidaya, sai ya ce ai arba'in da hamsin da sittin haka suke a Islamiyya, don me? Na ce masa ai Hausa daga Larabci ta fito. Sai ya ce wane Larabcin? Na rasa ta cewa.”

Yanzu abubuwa biyu sun bayyana. Na ɗaya, bukatar malamin ba tarihin karin harsunan Larabci ba ce. Yana son ya san dalilin da ya sa ƙidayar gomomi ta Hausa ta yi daidai da ta Larabci. Na biyu, ya riga ya faɗi kuskuren a gaban aji, saboda haka yana bukatar hanyar da zai koma ya gyara ba tare da girmansa ya zube a idon yara ba. Da an amsa tambayar tun farko, ko ta wace hanya daga cikin ukun nan, da ba a gano ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mataki na uku shi ne a ba shi abin gwaji da yake hannunsa, ya gano da kansa. Sai malamin jami'a ya ce, “Malam, kai da ka yi karatun allo, yaya Larabawa suke cewa huɗu, yaya suke cewa arba'in?” Ya ce, “Arba'a, da arba'una ko arba'ina.” “Biyar da hamsin fa?” “Hamsa, da hamsuna.” “To a Hausa fa, me ya haɗa huɗu da arba'in, ko biyar da hamsin, ko uku da talatin?” Dattijo ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Babu.”

Hujjar ke nan gaba ɗaya. A Larabci kowace goma, daga talatin zuwa casa'in, ta tsiro ne daga ƙaramar lambarta, kamar reshe daga itace. A Hausa kuwa gomomin suna zaune a kan ƙananan lambobin da ba su da alaƙa da su. Da Larabci ne ya haifi Hausa, da ƙananan lambobin ne za su fi kama, domin su ne yaro yake fara koya a gida, su ne kuma harshe ya fi riƙewa. Biyu da uku da huɗu da biyar da takwas da tara da goma na Hausa ne tun asali. Huɗu ma tana da 'yan uwa a harsunan Cadi da yawa, har da tsohon harshen Misira, amma ba ta kama da arba'a. Gomomin kuwa baƙi ne da suka zo da malamai da fatake, suka ture tsohuwar hanyar Hausa ta cewa gomiya biyu da gomiya uku.

Ana iya ƙara gwaji na biyu idan akwai lokaci. A jera ido da kunne da hannu da kai da ruwa da wuta da rana, a sa ainu da uzunu da yadu da ra'asu da ma'u da naru da shamsu a gefensu. Babu kama. Sa'an nan a jera alƙali da alƙalami da littafi da labari da lokaci da lafiya. Duk daga Larabci suke, kuma duk suna ɗauke da “al” na Larabci, ko dai cikakke ko kuwa ragowarsa “l”. A wurin Balarabe wannan “al” ba jikin kalma ba ne, alama ce ta abin da aka sani, yana sa ta yana cire ta. Bahaushe ya ɗauke ta tare da kalmar, ya manne su, har yana cewa “wani alƙali”, idan kuma yana nufin sananne ya ƙara nasa, ya ce “alƙalin”. Jam'i ma nasa yake yi: alƙalai, labarai, littattafai. Wannan halin mai aro ne, wanda ya karɓi kaya a ƙunshe bai kwance ƙullin ba.

Mataki na huɗu shi ne a faɗi gyaran a fili, da jimla ɗaya ko biyu. Sassauci ba ya nufin a bar magana a dunƙule. Sai malamin jami'a ya ce, “Ka ga ke nan, Malam, Hausa ba daga Larabci ta fito ba. Dangi ne na nesa, kakansu ɗaya, daga baya kuma Hausa ta ari kalmomi masu yawa saboda addini da ciniki.” Idan aka tsallake wannan mataki, mutum yana iya tafiya da misalan duka amma tsohon zatonsa yana nan daram, har ma ya ɗauki misalan a matsayin ƙarin hujja gare shi.

Mataki na biyar shi ne biyan bukatar da aka gano. Tambayar yaron, “wane Larabcin?”, tana da amsa idan aka mayar da ita kan aro. Wasu kalmomi sun shigo daga Larabcin littattafai ta bakin malamai, kamar shari'a da hukunci da nahawu. Wasu kuwa sun biyo ta wasu harsuna kafin su iso. Kasuwa asalinta suƙ ne na Larabci, amma ta Barno ta biyo, inda Barebari suke cewa kasugu. Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu ma ta hannun Barebari Hausa ta same su. Game da komawa aji kuma, ana iya ba dattijon shawara ya raba allo biyu, ya rubuta ɗaya zuwa goma a gefe guda, ashirin zuwa casa'in a ɗaya gefen, ya sa yaran da ke zuwa Islamiyya su kawo na Larabci, ya bar su su gano inda aka yi kama da inda aka rabu. Sai ya ce musu tambayar ɗan'uwansu ce ta sa ya ƙara bincike. Ta haka gyaran ya zama darasi, yaron ya sami yabo, malamin kuma ya fito a matsayin mai neman ilmi.

6.0 Tambaya Ɗaya, Bukatu Dabam-dabam

Dalilin da ya sa mataki na biyu ba ya tsallakuwa shi ne, kalmomin tambaya ɗaya suna iya fitowa daga bukatu masu nisa da juna. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa a kan asalin Hausa yana bukatar sunan rukunin Cadi da rassan Afro-Asiya da shekarun da aka ambata, kuma gara a gaya masa kai tsaye, domin shi kuskuren zai ci masa maki. Mai wa'azi da yake shirya magana a kan tasirin Musulunci yana bukatar jerin kalmomin aro na ibada da shari'a, kuma gyaran yana ƙara wa maganarsa ƙarfi, tun da aro shaida ce ta tasiri.

Wanda ya fi bukatar a yi hattara da shi shi ne dattijon da tambayarsa ta taso daga labarin Bayajida, wanda aka ce ya zo daga Bagadaza ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura. A wurinsa batun ya shafi asali da martabar gidan sarauta. Ba dole ba ne a taɓa labarin kafin a gyara zaton. Ya isa a tuna masa cewa a cikin labarin kansa, baƙon ya iske gari da mutane da sarauniya, ya kuma yi magana da su. Ashe akwai harshe a Daura kafin ya iso. Asalin gidan sarauta abu ne dabam, asalin harshen talakawan da ya tarar abu ne dabam. Da wannan rarrabewa dattijo yana iya riƙe labarinsa, ya kuma saki kuskuren.

7.0 Yadda Ake Gane An Kuskure, da Iyakar Hanyar

Bahaushe ba ya cika yin musu da wanda yake ganin ya fi shi ilmi, saboda haka amincewar baki ba hujja ba ce. Idan mai tambaya ya ce, “To, haka ne, Allah ya ƙara sani,” ya miƙe da sauri, galibi an taɓa shi ne ko kuma bai gamsu ba. Idan ya sake maimaita tambayar da wata siga, misali, “To amma dai na Makka ya fi kusa, ko?”, gyaran bai shiga ba, sai a koma mataki na huɗu. Alamar nasara ita ce ya fara kawo misalai da kansa, ya ce, “Ashe Talata da Laraba da Alhamis ma ƙidaya ce, uku da huɗu da biyar.” Wanda ya faɗi haka ya riƙe ma'aunin, zai iya auna wasu kalmomin ba tare da malami ba.

Wuri ma yana da hukunci. Gyaran da zai wuce lafiya tsakanin mutum biyu yana iya zama cin fuska a gaban jama'a, musamman idan mai tambaya ya girmi mai amsa. A cikin taro, gara a jingina zaton ga jama'a, a ce, “Mutane da yawa suna ɗauka haka, kuma akwai dalili,” wanda kuwa gaskiya ne. Amma ba a barin kuskuren ya wuce don kunya, domin sauran masu sauraro za su ɗauki shirun a matsayin yarda.

Hanyar tana da iyaka. Ta dace da inda jinkiri ba ya cutarwa, kamar batun harshe da tarihi. Wanda ya tambayi cokali nawa na wani magani zai ba jariri, alhali maganin ba na jarirai ba ne, ba a fara masa da yabo da tambayoyi. Ana ce masa kada ya ba shi, sa'an nan a bincika abin da ke damun yaron. Haka kuma mai amsa ya tabbata cewa tushen tambayar kuskure ne da gaske, ba batu ne da masana suke saɓani a kansa ba. Cewa Hausa harshen Cadi ce magana ce tabbatacciya. Amma inda kakan harsunan Afro-Asiya ya zauna, da yawan shekarun da suka wuce tun rabuwarsu, har yanzu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma a irin wannan sai a kawo ra'ayoyi, ba gyara ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tambayar “daga wane Larabci” tana ɗauke da zato a cikin kalmar “wane”, kuma zaton ya taso ne daga kama ta gaskiya wadda gado da aro suka haifar. Mai amsa yana karɓar abin da yake daidai, ya nemi abin da ya jawo tambayar, ya ba mai ita ma'aunin da zai gwada da kansa, ya faɗi gyaran a fili, sa'an nan ya biya bukatar da ta kawo shi. A misalin da aka bi, ma'aunin bai wuce huɗu da arba'in ba, kalmomi biyu da dattijon yake furtawa kullum tun yana yaro. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai kayan ya ga inda suka karkata da idonsa kafin ya yarda cewa gyara ake nufi.